Tambaya da Amsa: Turancin Imel Ɗin da Ya Fito Daidai, Ma'anarsa Kuma Ta Karkace

TAMBAYA

Ni magatakarda ne a wajen wani Alhaji da ke sayen ƙaro daga yankin Yobe da Jigawa yana fitar da shi ƙasashen waje. Ni ke karanta masa imel, ni ke rubuta amsa, domin shi ba ya jin Turanci sosai. Kwanan baya wani kamfani a Faransa da muka taɓa sayar wa kaya ya aiko mana da wannan saƙo:

"Dear Sir, Actually we dispose of 40 tons in our warehouse. We demand you a new offer for 20 tons. The delay for shipment is 30 days. Eventually we can take a second container. Our agent will control the goods in Lagos. I am waiting your reply."

Da na fassara wa maigida, ransa ya ɓaci. Ya ce ta yaya za su zubar da kayanmu tan 40, sannan su zo suna ba mu umarni, har da zarginmu da jinkirin kwana 30, alhali ba mu taɓa saɓa musu lokaci ba? Amma kuma ya ji daɗin maganar kwantena ta biyu, har ya ce a fara tara kayanta tun yanzu kafin farashi ya hau. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne jimlar ƙarshe. Wani abokina ya ce "I am waiting your reply" kuskure ne, ni kuwa haka nake rufe kowane imel nawa. Don Allah Malam a warware mini: me waɗannan mutane suke nufi, kuma yaya zan gyara nawa rubutun?

Mai karatu, daga Kano

AMSA

Kafin komai, ka je ka ba Alhaji haƙuri, ka kuma roƙe shi ya dakatar da sayen kayan kwantena ta biyu. Ba a zubar da ƙaronsa ba, ba a ba shi umarni ba, ba a zarge shi da jinkiri ba, kuma ba a yi masa alƙawarin kwantena ta biyu ba. Wanda ya rubuta muku saƙon nan da Faransanci ya yi tunaninsa, sannan ya ɗauko kalmomin Ingilishi da suka yi kama da na harshensa ya jera. Kai kuma ka fassara abin da kalmomin ke nufi a Ingilishi, kuma fassararka ba ta da laifi. A tsakanin nan ne ma'ana ta ɓata.

Kurakuran da ke cikin irin wannan imel iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ake gani da ido: jimla ta fito a gurgunce, amma kowa ya gane abin da ake nufi. Akwai kuma wanda ba a gani: jimla ta fito lafiya lau, nahawunta daidai, amma tana faɗin abin da mai rubutu bai nufa ba. Na farkon yana rage wa rubutu kwarjini kawai. Na biyun shi ne ke jawo asara da ɓacin rai. Abin da abokinka ya nuna maka yana cikin iri na farko, don haka bari mu fara da shi, mu wuce.

Gaskiyar abokinka, "I am waiting your reply" ba daidai ba ne a Ingilishi. Dalilin da ya sa kai da Bafaranshen nan kuka haɗu a kan kuskure guda shi ne, harsunanku biyu ba sa sanya komai tsakanin jira da abin da ake jira. Mu muna cewa ina jiran amsarka, kai tsaye. Bafaranshe yana cewa "j'attends votre réponse", shi ma kai tsaye. Haka abin yake a Larabci da Sifaniyanci da Italiyanci, shi ya sa za ka ga wannan jimla a imel ɗin 'yan kasuwa daga Alƙahira har Madrid. Ingilishi kuwa yana da kalmomi biyu na jira, kowace da ɗabi'arta. Kalmar "wait" ba ta riƙe abin da ake jira sai da "for" a tsakani: "I am waiting for your reply". Kalmar "await" kuma ba ta karɓar "for" ko kaɗan: "I await your reply". Wanda ya ji an gyara masa na farko sai ya rubuta "I am awaiting for your reply", ya tsallake kuskure ɗaya ya faɗa wani.

Sai dai ko ka gyara nahawun, da sauran magana. A kunnen Baturen Ingila, "I am waiting for your reply" tana da ɗan zafi, kamar mutum ya tsaya a ƙofa yana duba agogo. Mu a wajenmu ina jiran amsarka magana ce ta ladabi, a wajensu tana iya zama gaggawa. Abin da suka saba rufe wasiƙa da shi shi ne "I look forward to hearing from you". Ka lura da "hearing" ɗin nan, domin da yawa suna rubuta "to hear", kuma kuskure ne, saboda "to" da ke cikin wannan jimla suna ne ke bin ta ko aikatau mai "-ing". Idan kuwa da gaske kana buƙatar amsa cikin lokaci, ka faɗi ranar a fili cikin ladabi: "Could you please reply by 12 March?"

Wannan matsala ta ƙaramar kalmar da ke bin aikatau ba ta tsaya a kan jira ba. Ana cewa "reply to me" amma "answer me". Ana cewa "explain to me" da "listen to me". A ɗaya ɓangaren kuma, mu da muke cewa mu tattauna a kan farashi, hannunmu yakan kai ga "discuss about the price", alhali "discuss the price" ne daidai. Babu wata ƙa'ida guda da za ta haɗa maka su duka, kowace kalma da abokiyar tafiyarta ake koyonta. Ƙamus na Ingilishi zalla da aka yi domin masu koyo, irin su Oxford Advanced Learner's Dictionary wanda A. S. Hornby ya assasa, yana nuna wannan a ƙarƙashin kowane aikatau. Idan ka buɗe "wait" za ka ga an rubuta maka ginin da take shiga, tare da misalai. Ƙamus mai harshe biyu yakan ba ka ma'ana kawai, ya bar ka da ginin harshenka.

Yanzu mu koma kan abin da ya fi muhimmanci, wato saƙon da aka aiko muku. Ingilishi cike yake da kalmomin da ya aro daga Faransanci, musamman bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, harshensu ya zama na fada da kotu na tsawon ƙarnoni. Amma kalmar aro ba ta zama inda aka ajiye ta. Mu ma mun san haka a gida. A Nijar, "monsieur" da Bafaranshe ke kiran kowane namiji da ita ta shigo Hausa ta zama mushe, malamin makarantar boko. A kasuwannin Najeriya kuma mai saye yana kiran mai sayarwa kwastomansa, alhali a Ingilishi mai saye ne kaɗai ke da wannan suna. Haka kalmomin Faransanci suka yi a Ingilishi: siffa ta tsaya kusan yadda take, ma'ana ta kama gabanta. Masana harshe suna kiran irinsu abokan ƙarya, mu kuwa muna da karin maganar da ta dace da su: kama da wane ba ta wane.

Jimlar farko tana da guda biyu. "Actually" a Ingilishi tana nufin a gaskiya, kuma sau da yawa ana amfani da ita ne wajen gyara wa mutum zance. Amma "actuellement" ta Faransanci tana nufin a halin yanzu. Sai "dispose of", wadda ta tayar wa Alhaji hankali. A Ingilishi ma'anarta rabuwa da abu, ko a zubar ko a sayar da shi a huta. A Faransanci kuwa "disposer de" na nufin mallakar abu, yana hannunka kana iya amfani da shi. Ma'anonin biyu kishiyoyin juna ne. Abin da mutumin ke cewa shi ne: a halin yanzu muna da tan 40 a ɗakin ajiyarmu. Labarin abin da ya rage musu yake ba ku, domin ku san dalilin da ya sa tan 20 kawai yake nema.

Jimla ta biyu ita ce ta yi kama da umarni. "Demand" a Ingilishi neman abu ne da ƙarfi, irin na mai bin bashi ko mai ganin haƙƙinsa ne. "Demander" ta Faransanci kuwa tambaya ce ko roƙo, ita ce kalmar da yaro ke amfani da ita idan yana neman izinin mahaifiyarsa. Akwai ma alamar da za ta nuna maka asalin jimlar. Bature ba ya cewa "we demand you a new offer", sai dai "we demand a new offer from you". Wannan "you" da ta maƙale a tsakiya sawun Faransanci ne, daga "nous vous demandons". Abin da ake nufi shi ne: muna roƙon ku ba mu sabon farashi na tan 20.

Jimla ta uku ta fi haɗari. "Delay" a Ingilishi jinkiri ne, wato an wuce lokacin da aka sa. "Délai" ta Faransanci kuwa wa'adi ne, wato lokacin da aka ba ka domin ka gama abu. Ba cewa yake kun makara da kwana 30 ba, sharaɗi yake gindaya muku cewa a ɗora kaya a jirgi cikin kwana 30. Ka ga inda asara take ɓuya. Da kun tsaya kuna kare kanku daga zargin da ba a yi muku ba, da sharaɗin ya wuce ba ku lura da shi ba. Kuma ko da kun gane shi, akwai tambayar da saƙon bai amsa ba: kwana 30 daga yaushe? Daga ranar da aka sa hannu a yarjejeniya, ko daga ranar da kafin alƙalami ya shigo asusunku? Ga mai ɗauko kaya daga Arewa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, da tsincewa da zubawa a buhu da neman takardu, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Jimla ta huɗu ita ce ta kusa sa Alhaji ya zuba kuɗinsa. "Eventually" a Ingilishi tana nufin daga ƙarshe, abin zai faru, lokaci kawai ake jira. "Éventuellement" ta Faransanci tana nufin wataƙila, idan hali ya yi, idan buƙata ta taso. Ɗaya tabbaci ce, ɗaya kuwa mai yiwuwa. Haka wannan kalma take da ma'anar wataƙila a Jamusanci da Italiyanci da harshen Holan, don haka duk lokacin da ka gan ta a imel daga nahiyar Turai, ka tsaya ka tambaya. Mu ɗauka Alhaji ya tara ƙarin tan 20 bisa wannan kalma, Bafaranshen kuma ya ce ai ni wataƙila na ce. Babu inda za a kai ƙara, domin kowa a cikinsu gaskiyarsa ya faɗa. Kuɗi dai sun kwanta a buhu, kuɗin ajiya yana hawa, sai an sake neman mai saye.

Ta biyar mai sauƙi ce. "Control" a Ingilishi iko ne da juya abu, "contrôler" kuwa dubawa ce da tantancewa. Wakilinsu zai zo ya duba ingancin kaya a Legas, ba karɓe su zai yi daga hannunku ba. Idan muka haɗa duka, saƙon cewa yake: yanzu muna da tan 40, muna roƙon farashin tan 20, a ɗora cikin kwana 30, wataƙila mu ƙara kwantena ɗaya, wakilinmu zai duba kaya a Legas, muna sauraronku. Saƙo ne na mutunci daga mai son ci gaba da ciniki.

Kada ka ɗauka rashin ilimi ne ya jawo wannan. A ofisoshin Tarayyar Turai, inda ƙwararru daga ƙasashe da yawa ke aiki da Ingilishi, abin ya yi yawa har wani ma'aikacin fassara a Kotun Binciken Kuɗi ta Tarayyar, Jeremy Gardner, ya tattara irin waɗannan kalmomi a kundi guda domin jan hankalin abokan aikinsa, kuma "dispose of" da "delay" da "eventual" duk suna ciki. Manhajar duba rubutu da ke ja maka jan layi ita ma ba ta kama su, domin babu harafin da ya ɓace. Ta yaya za ka gane su ke nan? Alama ta farko ita ce saɓani tsakanin kalma da yanayin saƙon: mutum ya buɗe da ladabi ya rufe da ladabi, sai ga kalma mai kaushi a tsakiya. Ta biyu ita ce magana ta ƙi dacewa da abin da ka sani: an ambaci jinkiri alhali ba a ma ƙulla ciniki ba. Ta uku ita ce kurakuran da ake gani. Wannan "waiting your reply" da "demand you" suna da amfani gare ka, domin su ne ke sanar da kai cewa akwai wani harshe a ƙarƙashin Turancin, don haka ka karanta sauran jimlolin da hattara.

Magani kuwa guda ne, matambayi ba ya ɓata. Kada ka gyara masa Turanci, ba aikinka ba ne, kuma zai iya jin kunya. Ka maimaita masa abin da ka fahimta da wasu kalmomi daban, masu sauƙi, tare da lambobi, ta yadda zai amsa da e ko a'a. Ga irin amsar da zan ba ka shawara ka tura:

"Dear Sir, Thank you for your message. Please confirm three points. 1. You want our price for 20 tons. 2. We must ship within 30 days. Do the 30 days start on the date of the contract or on the date of your deposit? 3. Is the second container a firm order, or only a possibility? Your agent is welcome to inspect the goods in Lagos. I look forward to hearing from you."

Ka lura ban maimaita kalmominsa ba. Da ka rubuta masa cewa kun amince da "delay" ɗin, ko kun gode da "eventually" ɗin, da kowannenku ya ci gaba da riƙe tasa ma'anar, ku duka kuna zaton kun daidaita.

Saura naka rubutun, domin yadda Faransanci ke leƙowa ta cikin Turancinsa, haka Hausa da Turancin Najeriya ke leƙowa ta cikin naka, kuma shi ma yana can yana ɗaure kai. Zan ambaci guda uku da suka fi taɓa kuɗi da lokaci.

Na farko shi ne sai. Alhaji ya ce maka samfur sai Litinin, kai kuma ka rubuta "We will send the sample till Monday". A Ingilishi "till" da "until" suna nufin abu yana ci gaba da gudana har zuwa lokacin, don haka jimlar ta zama kamar za ku yi ta aikawa kullum har Litinin. Ka tambayi kanka wanne ake nufi cikin uku. Idan ranar Litinin ɗin za a aika, "on Monday". Idan ba za a wuce Litinin ba, ko da an riga ta, "by Monday". Idan ba zai yiwu ba kafin ranar, "not before Monday". Sannan ka ƙara kwanan wata, ka rubuta sunan watan da haruffa, domin 03/04 uku ga Afrilu ne a Ingila da Faransa, amma huɗu ga Maris ne a Amurka. Haka ma jibi: "next tomorrow" a Najeriya ake gane ta, a waje sai "the day after tomorrow", kuma kwanan wata ya fi su duka.

Na biyu shi ne ƙi. A Hausa mota tana ƙin tashi, kuɗi suna ƙin shigowa, ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba. Amma "refuse" idan aka jingina ta ga mutum ko kamfani tana nufin ya ƙi da gangan. Idan ka rubuta "Your bank refused to send the money", ka yi zargi ke nan, alhali labari kake son bayarwa. Abin da ya dace shi ne "The payment has not arrived yet", ka ƙara da ranar da kuka duba asusu.

Na uku shi ne "severally", wadda a ofisoshinmu ake amfani da ita da ma'anar sau da yawa. A Turancin waje kalmar lauyoyi ce, tana nufin kowa a kan kansa, kamar yadda take zuwa a yarjejeniyar bashi inda ake iya bin kowane ɗaya daga cikin masu lamuni shi kaɗai. Idan kun kira mutum sau da yawa bai ɗauka ba, "several times" za ka rubuta, ko ka faɗi ranakun da kuka kira.

Ba na so wannan bayani ya sa ka riƙa jin tsoron rubutu. Yawancin cinikin duniya da ake yi da Ingilishi tsakanin mutanen da ba harshen uwarsu ba ne ake yin sa, kuma babu ɗan kasuwar kirki da zai fasa sayen ƙaro mai kyau saboda "for" ta ɓace a jimlar ƙarshe. Abin da nake so ka ɗauka shi ne inda za ka sa ƙarfinka. Kafin ka tura kowane imel, ka ware jimlolin da ke ɗauke da kuɗi, ko nauyin kaya, ko rana, ko alƙawari. Waɗannan ka rubuta su gajeru, magana ɗaya a jimla ɗaya, da lamba a fili. Idan saƙo ya shigo kuma, waɗannan jimlolin ne za ka maimaita wa mai shi ya tabbatar kafin ka kai wa maigida fassara. Idan kana da wani a kusa da ya yi karatu da Faransanci, irin 'yan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da ke shige da fice a kasuwannin Kano, ka nuna masa saƙon, zai ji harshen da ke ƙasa tun daga layin farko.

Ka gaishe da Alhaji. Ka gaya masa ya ba da farashin tan 20 hankali kwance, amma kada ya sayi ko buhu ɗaya na kwantena ta biyu sai an rubuto muku adadi da farashi da rana. Allah ya sa albarka a kasuwa.